Shiri, rabon aiki, jagoranci ko sa ido: yadda ake gane amsa a tambayar canki-canka

Ayyukan manaja huɗu da ake koyarwa a darasin gudanarwa sun samo asali daga Henri Fayol, injiniyan ma'adinai ɗan Faransa, wanda ya lissafa guda biyar a littafinsa na 1916. Marubutan baya suka taƙaita su zuwa shiri, rabon aiki, jagoranci da sa ido. Mai tsara jarrabawa ba ya cika neman ma'anarsu. Yakan kawo abin da wani manaja ya yi ne, ya ce a zaɓi sunan aikin.

Shiri yana duban gaba: me ake son cimmawa, kuma ta wace hanya. Idan manajan gidan burodi ya yanke cewa a wata mai zuwa za a riƙa gasa burodi 500 kullum, shiri ya yi. Da ya ware masu kwaɓa fulawa, ya sa wasu a tanda, ya ce mai rabawa shaguna zai riƙa kawo bayani wurin akawu, ya shiga rabon aiki, wato haɗa mutane da kayan aiki da fayyace wane ne ke ƙarƙashin wa. Jagoranci kuwa mu'amala ce da mutanen kansu, kamar ƙarfafa musu gwiwa, ba da umarni, ko sasanta ma'aikata biyu da suka saɓa.

An fi faɗuwa a tsakanin shiri da sa ido, domin duka biyun suna tafiya da lissafi. Sa ido yana da matakai: akwai ma'aunin da aka kafa, a auna abin da aka samu, a kwatanta, sannan a gyara. A ce tambaya ta zo haka: manajan ya duba littafin jiya, ya ga an gasa 430 maimakon 500, ya gano tanda ɗaya ce ta lalace, ya sa a gyara ta. Ɗalibi zai iya ganin 500 ya zaɓi shiri, alhali an riga an tsayar da adadin tun kafin ranar. Abin da ya faru shi ne gano giɓin 70 da toshe shi, don haka amsar ita ce sa ido. Haka kasafin kuɗi yake: rubuta shi shiri ne, kwatanta shi da abin da aka kashe sa ido ne.

Kalmar "taro" ma tana ruɗarwa. Kiran ma'aikata ba lallai ya zama jagoranci ba, sai an ga abin da aka yi a zaman. Idan jadawalin kwana aka raba, rabon aiki ne. Idan rahoton ciniki aka bi, sa ido ne. Inda labarin ya haɗa ayyuka biyu, jimlar ƙarshe ta tambayar takan nuna wanne ake nufi, shi ya sa ya fi kyau a fara karanta ta kafin labarin.