Jadawalin Lodin Lantarki a Ƙaramar Masana'anta

Jadawalin lodi takarda ce da injiniya ke jera duk abin da ke jan wuta a masana'anta, kowanne da ƙarfin da ke rubuce a jikinsa. Da ita ake sanin girman taransifoma da janareta da kaurin wayar da za a saya.

A ɗauki ƙaramar masana'antar casar shinkafa. Injinan fitar da tsakuwa da casa da gogewa sun tashi kilowat 75. Akwai famfunan ruwa biyu, kowanne kilowat 7.5, sai fitilu da fankoki da ofis, kilowat 10. Jimilla kilowat 100 ke nan, amma ba ranar da masana'antar za ta ja wannan adadi, domin da wuya inji ya yi aiki iya ƙarfinsa. Shi ya sa ake ninka kowane rukuni da ma'aunin buƙata, wato kason da yake ja lokacin da aiki ya fi tsanani. Idan an ba injinan 0.8, sun dawo kilowat 60. Famfo ɗaya na ko-ta-kwana ne, sai ɗan'uwansa ya lalace yake tashi, don haka 7.5 kawai za a lissafa. Fitilu da ofis a 0.75 su ma 7.5 ne. An samu 75.

Rukunan kuma ba sa kai ƙololuwarsu a lokaci guda. Famfo na cika tanki da asuba kafin a fara casa, fitilun harabar sai magariba. Wannan saɓanin lokaci ake ragewa ta raba jimillar da adadin da ya ɗan haura ɗaya, a ce 1.1, sai a sami kusan kilowat 68. A nan ake yawan tafka kuskure: wani ya rage famfon a matakin farko, ya sake rage shi a na biyu, takarda ta yi kyau, waya kuwa ta riƙa zafi.

Da kVA ake auna taransifoma, kuma motocin lantarki kan ja fiye da abin da suke mayarwa aiki, don haka ake raba 68 da kamar 0.8, a sami kVA 85. Taransifoma mai 100 za ta ɗauka, da rarar 15 kacal. Mai niyyar ƙara injin gogewa baɗi ba za ta ishe shi ba. An saba barin rarar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Janareta ya fi buƙatar sarari, saboda babbar mota kan fizgi wuta ninki shida ko bakwai lokacin tashi. Sai dai zarce gona da iri ma asara ce: janaretan dizal da ke yini ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa yakan tara baƙin mai a salansa.

Bayan an fara aiki, ana auna wutar babbar waya da mita ana tsakiyar casa. Ya kamata a ga kusan amfiya 120 a kowane layi. Idan abin ya haura sosai, ko layi ɗaya ya fi sauran nauyi, jadawalin na buƙatar gyara.