Kafin a Kunna Bidiyo a Taro, Faɗa wa Jama'a Inda Za Su Sa Ido

A tarurruka da dama, mai jawabi na cewa "ga wani ɗan bidiyo," sai ka ga hannaye sun nufi aljihu neman waya. Jama'a ba su da laifi. An kunna musu hoto ba a gaya musu abin da za su nema ba, ido kuwa sai ya bi abin da ya ga dama, ko da akuyar da ta gifta bayan mai magana ce.

A ce malamin gona zai nuna wa manoma bidiyon minti 4 kan adana wake a buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Buhun yana da leda biyu a ciki, sannan buhun saƙa a waje, kuma rashin iska ne ke kashe ƙwarin, ba a sa magani. Aikin malamin na farko shi ne ya kalli bidiyon tun a gida, ya tambayi kansa: wane wuri ne in ya wuce manomi, an yi asarar kallon? A nan wurin ɗauri ne, domin kowace leda daban ake ɗaure ta bayan an matse iskar ciki. Hannu yana gama wannan cikin daƙiƙu kaɗan, wanda ya ƙifta ido ya rasa.

Sai ya rubuta gabatarwarsa kamar haka: "Yanzu muka gama maganar yadda ƙwari ke mayar da wake gari. Bidiyon nan minti 4 ne. Ku zuba ido ga hannun mutumin idan ya zo rufe buhun, ku ƙirga sau nawa ya ɗaure. In ya ƙare zan tambaye ku dalili."

Maganar ba ta kai rabin minti ba, amma ta haɗa bidiyon da abin da aka gama faɗa, ta ambaci tsawonsa don hankali ya kwanta, ta kuma ba kowa aiki guda. Lura cewa bai ba da amsar ba. Da ya ce sau uku ne, wa zai tsaya ƙirgawa? Ni a ganina abu ɗaya ya isa a ce a duba. In aka lissafa biyar, kafin hoton ya fito an manta huɗu.

Idan bidiyon da wani harshe aka yi shi, a faɗa tun da wuri, a ce su bi hannu da ido, fassara na tafe. Jimlar ƙarshe kuma a sanar da mai kula da na'ura tun kafin taro, domin yana jin ta ya kunna, kada shiru ya shiga tsakani.

Bidiyo na ƙarewa, kai mai jawabi, koma kan tambayar da ka yi alkawari. In hannaye suka tashi aka ce sau uku, gabatarwar ta yi aiki. In aka hau kallon juna, ka sake rubuta ta kafin taro na gaba.