Daga Leɓe zuwa Maƙogwaro: Yadda Baki Yake Ƙera Baƙaƙe

Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san gyaran nan: "Ba daga nan yake fita ba, koma baya kaɗan." Malamin yana nufin mafitar harafi. Tun a ƙarni na 8 Sibawaihi ya lissafa mafita 16 ga haruffan Larabci, ya kuma bayyana siffofinsu. Masana ilimin furuci na yau ma a kan wannan turba suke. Idan aka ba su baƙi na kowane harshe, tambaya biyu suke fara yi masa: a ina aka yi ka, kuma ta yaya? Ta farko ita ce wurin furuci, ta biyu yanayin furuci.

Baƙi dai ba komai ba ne illa iskar da aka tare wa hanya. Iska ta taso daga huhu, sai wata gaɓa mai motsi, kamar harshe ko leɓen ƙasa, ta tunkari wata gaɓa ta tsaya mata a gaba. Inda suka haɗu shi ne wurin furuci. Irin tarewar da suka yi kuwa, ko sun toshe hanyar ruf ko sun bar 'yar kafa, shi ne yanayin furuci.

Mai karatu, ba ka buƙatar kowace na'ura don gane wannan. Ka ce "ba, da, ga" a hankali. A "ba" leɓɓanka biyu ne suka haɗu, shi ya sa ake kiran b baleɓe. A "da" tsinin harshenka ya taɓa tudun nan da ke bayan haƙoran sama, wato hanƙa, don haka d bahanƙe ne. A "ga" kuwa doron harshe ne ya tashi ya manne da wuri mai taushi can ƙuryar rufin baki, wato hanɗa, sai aka ce g bahanɗe. Tsakanin hanƙa da hanɗa akwai ganɗa, rufin baki mai tauri, inda ake yin y. Can ƙasa a maƙwallato ake yin h da hamzar da ke tsakiyar "a'a". Ka lura b da d da g duk iri ɗaya aka yi su: an toshe iska, an sake ta farat ɗaya. Wuri kawai ya raba su.

Yanzu mu juya gwajin. Ka bar harshenka a hanƙa, ka riƙa sauya abin da kake yi wa iskar. Idan ka toshe ta gaba ɗaya ka sake, ka sami t, wanda ake kira tsayau. Idan ka bar 'yar siririyar kafa iska tana kurɗawa da ƙara, ka sami s, wato zuzau. Alamar da ke raba su a fili take: kana iya jan s har numfashinka ya ƙare, amma t ba ya jawuwa. Idan ka toshe bakin ka bar iskar ta bi ta hanci, n ne, ɗan hanci. Matse hancinka da yatsu ka gwada jan n, za ka ji ya shaƙe nan take. Wannan ne dalilin da mai mura, in ya ce "mama", sai ka ji kamar "baba" ya ce: leɓɓan sun yi aikinsu, ƙofar hanci ce a rufe. Idan kuma tsakiyar harshe ya tare hanya iska ta zagaya ta gefe, l ke nan, ɗan jirge. Harshe bai gusa daga wuri ɗaya ba, amma ga baƙaƙe huɗu.

Akwai tambaya ta uku da ke cike waɗancan biyun. Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja s, sannan ka ja z. A z za ka ji karkarwa, a s babu. Wurinsu ɗaya, yanayinsu ɗaya, amma z mai ziza ne, s maras ziza. Da waɗannan uku sunan baƙi yake cika: z shi ne bahanƙe, zuzau, mai ziza.

Inda Hausa ta fi ba baƙo wahala shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, kuma a nan ne amfanin raba wuri da yanayi yake fitowa. Ɗauki "kafa" da "ƙafa". A hanɗa ake yin k da ƙ duka biyu. Bambancin shi ne iskar k daga huhu take. A ƙ kuwa maƙwallato ne yake rufewa, ya yi sama kamar famfo, ya matse 'yar iskar da ta maƙale a baki, sai ta fashe da kaifi idan harshe ya saki. Irin wannan baƙi sunansa tunkuɗau, kuma ts ma cikinsu yake. Riƙe numfashinka ka gwada: za ka iya fitar da ƙ, amma k na sosai ba zai samu ba. Shi kuwa ɓ da ɗ akasin haka ne, maƙwallato ƙasa yake yi kamar za a haɗiye sautin, shi ya sa aka sa musu suna haɗiyau. Saboda haka baƙon da ya ce "baki sun zo" yana nufin "baƙi sun zo" bai ɓata wuri ba. Harshensa yana inda ya dace, maƙwallatonsa ne bai yi aiki ba, kuma nan ya kamata mai koya masa ya sa ido.

Wannan rabe-rabe yana warware abubuwan da muke faɗa kullum ba mu tambayi dalili ba. Me ya sa jam'in mota ya zama motoci, ƙasa ƙasashe, kaza kaji? Wasulan i da e suna ɗaga gaban harshe wajen ganɗa, sai su janyo baƙin da ya gabace su baya kaɗan daga hanƙa: t ya koma c, s ya koma sh, z ya koma j. Haka nan muna rubuta "gidan biki" amma "gidam biki" muke furtawa, domin n ya bar hanƙa ya bi b zuwa leɓe, ya dai riƙe zamansa ɗan hanci. Kalmomin aro ma haka. Hausa ba ta da baƙin da ake yi da harshe tsakanin haƙora, don haka wanda ke cikin sunan Usman a Larabci ya matsa zuwa hanƙa ya zama s, yana nan a zuzau ɗinsa.

Sai dai kada a ɗauka rubutu yana nuna komai. Kalmar "bara" ta mai hidima da "bara" ta roƙon abinci harafin r ɗaya muke rubuta musu, alhali a ta farko harshe naɗewa yake ya kaɗa sau ɗaya, wato ra-kaɗe, a ta biyu kuma tsininsa ne yake bugun hanƙa, wato ra-gare. Don haka malamin da zai koyar da wannan darasi kada ya fara da zana jadawali a allo don yara su haddace. Ya fara sa kowane yaro ya furta, ya taɓa maƙogwaronsa, ya faɗi inda harshensa yake, sannan a ba abin suna.