Waƙar da Ba Ta da Baiti

Malaman aruli na dauri, tun daga Ƙudama ɗan Ja'afar na Bagadaza, sun yi wa waƙa iyaka da cewa magana ce mai awo da ƙafiya wadda take nuni ga ma'ana, kuma a kan wannan ta'arifi ne Malam Aliyu Namangi na Zariya ya gina Imfiraji, baiti bayan baiti, ta yadda ko almajirin da bai iya karatun boko ba, da ya ji ana rerawa ya san waƙa ce. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ɗalibi a jami'ar Samaru ya buɗe littafi, ya tarar da rubutu shimfiɗe daga gefe zuwa gefe, babu ɗango, babu amsa-amo, aka ce masa waƙa ce, ya nemi hujja.

Asalin irin wannan waƙa, wato waƙar zube, daga Faransa ne, inda littafin Aloysius Bertrand ya fito a 1842, na Baudelaire kuwa a 1869, bayan rasuwarsa. Larabawa ma, waɗanda daga gare su muka ari ma'aunan rubutacciyar waƙarmu, sun yi doguwar muhawara a kanta a mujallar Shi'ir da aka kafa a Bairut a 1957.

Mas'alar ita ce, yanke ɗango aiki yake yi: yana tsayar da numfashin mai karatu, yana kuma ɗora nauyi a kan kalmar da ta zo ƙarshe. In an janye shi, wajibi ne jimla ta ɗauki wannan aiki da kanta, in kuwa ta kasa, to abin da ya rage zube ne kawai. Ga misali da na tsara. Mai ba da labari zai ce: da magariba wata mai tallar fura ta sayar da furarta duka a kasuwar Sabon Gari, ta koma gida ta hanyar Samaru. Mai waƙar zube kuwa zai ce:

"Rana ta sayar da abin da ta zo da shi. Mai fura ta sayar da abin da ta zo da shi. Su biyu suka kama hanyar Samaru, kowace da ƙwaryarta a kife, ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta yadda ciniki ya kasance."

Mai karatu ya lura da cewa jimla ta biyu ta maimaita kalmomi tara na ta farko ba tare da sauya ko harafi ba, kuma wannan maimaici shi ne ya tsaya a matsayin awo, domin kunne, da ya ji abu sau biyu, sai ya sa ran na uku. Jimla ta uku kuwa ta saɓa masa, ta miƙe da tsawo yadda tafiyar take da tsawo. Sa'an nan babu inda aka ce rana ta yi kama da mai fura. An jera su ne kawai, aka bar wa hankalinka ya ƙulla alaƙar, har ka gane da kanka cewa Samaru tana wajen mafaɗar rana ga wanda ya fito daga Sabon Gari. Saka kalmar kamar, ko ka ƙara bayanin cewa hasken rana ne ake nufi da hajarta, nan take waƙar ta mutu, alhali ma'anar ba ta ragu ba.

Daga nan ake samun ma'aunin da na fi amincewa da shi. Labarin farko kana iya taƙaita shi, ko ka faɗe shi da wasu kalmomi, ba ka yi asarar komai ba, gama manufarsa isar da labari ce. Na biyu kuwa, in ka musanya jimlolin farko, ka sa mai fura gaban rana, mamakin da ya buɗe shi ya tafi.

Kuskuren da ya fi yawa ga masu gwadawa shi ne zaton cewa ado shi ne waƙa, sai su cika shafi da karin magana da kalmomi masu nauyi, ko su riƙa daidaita ƙarshen jimloli da sauti ɗaya. Wannan na ƙarshe saja'i ne, irin na Muƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukan birnin Zazzau, kuma malaman balaga, duk da girmama shi da suke yi, a babin zube suka ajiye shi. Abin da ya fi kusa da waƙar zube a gadonmu, a ganina, shi ne kirari, wanda ba a auna shi da bahari, ba ya ba da labari daki-daki, sai dai ya jero siffa bayan siffa a numfashi guda. Wanda ya zo rubuta kirarin da ya ji daga bakin maroƙi shi yake zaɓen inda zai yanke layi, kuma ko bai yanke ba kirarin yana nan yadda yake.