Laifin wayar ne, ko na wanda ya zana shafin?

Idan manhaja ta tsaya cak a hannun mai ƙaramar itel ko tsohuwar Tecno, wayar ake ɗora wa laifi. "Ai ta tsufa, sai ka canja wata." Sau da yawa kuwa wayar ba ta da laifi. Wanda ya zana shafukan manhajar ne ya zana su a kan babbar kwamfuta, ya gwada a kan wayarsa mai tsada, ya sake su ga mutanen da wayoyinsu ba su kai rabin tasa ƙarfi ba.

Waya tana da ƙwaƙwalwa iri biyu, kuma mutane kan haɗa su. Akwai ma'adana, inda hotuna da waƙoƙi suke kwance. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake rubutawa RAM a jikin kwali. Ma'adana kamar sito ce a shagon tela, RAM kuwa teburin yanka: kome yawan yadin da ke sito, abin da tebur ya ɗauka shi kaɗai ake iya yankawa. Ƙananan wayoyi da yawa RAM ɗinsu gigabayit 2 ne, tsofaffin ma 1, kuma Android kansa ya riga ya cinye kaso mai tsoka kafin a buɗe wata manhaja. Domin irin waɗannan wayoyi ne Google ya fito da Android Go a 2017.

A ɗauka wani matashi ya gina manhajar sayar da atamfa ga 'yan Kantin Kwari. Shafin farko jerin atamfofi ne, kowace da hotonta da kuɗinta. Mai shago ya ɗauki hoto da kyamararsa, faɗinsa ɗigo 4,000, tsayinsa 3,000, wato ɗigo miliyan 12. A ma'adana hoton a matse yake, ba zai wuce megabayit 3 ko 4 ba. Amma kafin waya ta nuna shi sai ta warware shi a RAM, inda kowane ɗigo kan ci bayit 4. Miliyan 12 sau 4, megabayit 48 ke nan, a hoto ɗaya! Idan shafin ya ɗauko hotuna 20 a haka, an doshi megabayit 960. Ba inda wayar za ta sa su. Manhajar za ta yi ta sanɗa, daga nan ta rufe kanta ba sallama.

Abin takaicin shi ne babu wanda ya amfana da girman nan. Fuskar wayar faɗinta ɗigo 720 ne, wasu ma 480. In an jera atamfa biyu-biyu, gurbin kowace bai wuce ɗigo 300 da 'yan kai ba. Hoto mai ɗigo 300 a kowane gefe kilobayit 360 kawai yake ci a RAM, guda 20 ba su kai megabayit 8 ba, kuma ido ba zai ga bambanci ba. Saboda haka tun daga uwar garke ake rage hoton kafin a turo shi, abin da zai rage wa mai saye cin data ma. Babban hoto sai in ya taɓa atamfar yana son ganin zanenta da kyau, shi ma daidai faɗin fuskar wayar. Jerin kuma ba a gina shi gaba ɗaya. Masu rubuta manhajar Android suna da abin da ake kira RecyclerView: gurabun da ido ke gani kawai ake ginawa, da 'yan kaɗan na ko-ta-kwana, wanda ya shige sama a dawo da shi ƙasa a sa masa sabon hoto.

Ado ma ba kyauta ba ne. Domin jeri ya riƙa tafiya sumul ƙarƙashin yatsa, waya kan sake zana fuskarta sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Inuwa a bayan kowane hoto, da bidiyo mai kunna kansa, da launi mai dusashewa, duk aiki ne a kan ƙaramin inji. In ka ga jeri yana tafiya yana turjewa, yawanci dalilin ke nan.

To, Hajiya ta zaɓi turmi biyu, ta zo shafin biya. Nan ne aka fi yin ɓarna, a ganina, domin ɓarnar ba ta fitowa a wayar mai zanen. Ta rubuta sunanta da adireshi da lambar waya, aka ce an turo mata lambar sirri ta saƙon tes. Ta fita ta buɗe saƙon. A wannan ɗan lokaci, da Android ya ga RAM ya cika, sai ya kashe manhajar da ke baya domin ya sama wa ta gaba wuri. Haka aka tsara shi, ba lalacewa ba ce. Ta dawo ta tarar da shafin farko, duk abin da ta rubuta ya tafi. In ta sake cikewa, wata sabuwar lamba za a turo, a koma gidan jiya. A karo na biyu ko na uku za ta haƙura ta buga wa mai shagon waya.

Maganin shi ne manhajar ta riƙa adana abin da aka rubuta da matakin da aka kai, ta yadda in aka tashe ta za ta ɗora daga inda ta tsaya. Gwada wannan ba ya buƙatar ko sisi. A saitin masu gina manhaja na Android akwai zaɓin "Don't keep activities". In aka kunna shi, wayar za ta rushe kowane shafi da zarar an bar shi, sai mai zane ya ga da idonsa abin da ya tsira da abin da ya ɓace.

Saura ƙanƙantar fuskar kanta. Da zarar an taɓa gurbin rubutu, allon haruffa kan taso ya rufe kusan rabinta. In madannin biya yana can ƙasa, ya ɓuya ke nan, kuma ba kowa ne zai san ya ja shafin sama ba. Gara a raba tambayoyin, biyu ko uku a shafi, madanni na biye da su. Ƙa'idar Google ita ce duk abin da za a taɓa kada ya gaza 48dp a kowane gefe, wato kamar milimita 9. A kuma raba madannin biya da na sokewa, domin gilashin da ya tsage ba ya jin yatsa daidai. Rubutu ruwan toka a kan fari yana burge mai zane a ɗaki mai sanyi, amma a ranar Kano da azahar ba ya karantuwa. In kuma za a sa Hausa, a duba ko salon haruffan da aka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, domin in babu, za su fito daban da sauran ko su zama ɗan akwati.

Ba sabon ilimi ba ne wannan. Tun a 2015 Facebook ya fitar da Facebook Lite, wanda girmansa bai kai megabayit 1 ba a lokacin, an kuma gina shi ya yi aiki ko a layin 2G. Duk mai gina manhaja don mutanenmu ya je Farm Centre ya sayi waya mafi araha da ya samu, ya cika ta da hotuna da WhatsApp yadda masu ita ke yi, ya fita rana ya sayi turmi ɗaya da manhajarsa tun daga zaɓe har biya. In bai iya kammalawa ba, kada ya sake ta.