Abin da ake yi bayan an saka wa kwamfuta sabon Windows

Kwamfutar da aka gama saka wa Windows tana kama da wadda ta shirya aiki, amma da saura. Abin da ke cikin filashin da aka yi sakawar da shi yakan kai watanni ko shekara da fitowa, kuma duk gyaran da Microsoft ya fitar bayan nan bai shiga ba. Don haka sabuntawa ce farko, sai direbobi, sai tsaro, manhajoji kuma a ƙarshe. Wanda ya birkita wannan jeri yakan yi aiki sau biyu.

Ana shiga Settings, sannan Windows Update, a latsa Check for updates. Zagaye ɗaya ba ya wadatarwa, domin wasu gyare-gyaren ba sa bayyana sai na gabansu sun zauna. A sake kunna kwamfutar, a sake dubawa, har sai ta ce babu saura. Aikin yana cin data sosai, sau da yawa gigabait da dama, kuma yana bukatar caji, don ɗaukewar wuta a tsakiya na iya lalata shi. Mai Windows 10 kuwa ya sani cewa Microsoft ya daina ba shi gyaran kyauta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025.

Direba ita ce ƙaramar manhajar da ke sa Windows ya iya sarrafa wani sashe na na'ura, kamar sauti ko allo. Windows Update kan kawo mafi yawansu, wasu kuma suna ɓoye a Optional updates ƙarƙashin Advanced options. Inda ake gane abin da ya rage shi ne Device Manager: duk sashen da ke da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, direbarsa ba ta zauna ba. Haka nan idan an ga Microsoft Basic Display Adapter, allon yana kan direbar wucin gadi ne, shi ya sa rage haske kan ƙi aiki.

A ɗauki misalin laftof ɗin HP na hannu wanda bayan sakawa babu Wi-Fi sam. A nan matsalar ta ci kanta, tunda direbar tana intanet, intanet kuma sai da direbar. Mafita ita ce haɗa wayar Android da kebul a kunna USB tethering. Idan Windows Update bai kawo direbar ba, sai a buɗe sashen da ba a gane ba a Device Manager, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN_ tana nuna maƙerin: 8086 Intel ne, 10EC kuma Realtek. Da wannan da lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin ake ɗauko direbar daga shafin HP. Manhajojin da ke alkawarin gyara dukkan direbobi da latsawa ɗaya ba abin yarda ba ne, galibi talla suke jibgowa, wani lokaci har da direbar da ba ta dace ba.

Ta fuskar tsaro, Windows yana zuwa da Microsoft Defender, kuma ya ishi yawancin mutane. A buɗe Windows Security a tabbatar Real-time protection da Firewall suna kunne. Idan mai gyara ya kashe su don ya cusa manhajar da ke buɗe Windows ko Office ba da lasisi ba, to ta wannan ƙofar ƙwayoyin cuta da yawa ke shigowa.

Abin da aka fi mantawa shi ne BitLocker. Daga Windows 11 na 24H2, sabuwar sakawa kan kulle faifan ajiya da kanta idan an shiga da asusun Microsoft, sai ta ajiye mabuɗi mai lambobi 48 a wannan asusun. Ranar da aka sauya babban allon injin ko wani saitin BIOS, kwamfutar za ta iya neman mabuɗin, kuma in babu shi fayiloli sun tafi. Saboda haka asusun ya zama na mai kwamfutar, kada ya zama na shagon gyara, a kuma rubuta mabuɗin a takarda.

Manhajoji kaɗan sun isa, kuma umarnin winget a Terminal yana kauce wa shafukan bogi:

```
winget install 7zip.7zip
winget install VideoLAN.VLC
winget install TheDocumentFoundation.LibreOffice
```

Mai rubutu da Hausa ya ƙara harshen a Time & language don samun ƙ da ɗ da ɓ, yana sauya allon rubutu da Win da Space. Bayan komai ya daidaita, a nemi Create a restore point, a kunna System Protection tunda sau da yawa a kashe yake zuwa, sannan a latsa Create. Wannan yana maido da saituna da direbobi ne kawai. Hotuna da takardu sai an kwafe su zuwa wani faifai daban.