Minti 20 da Lamba Guda: Yadda Dogon Fom na Intanet Ke Ɓata da Yadda Ake Tsare Shi

Abin da mutum ke gani a fuskar wayarsa ko kwamfutarsa yayin cike fom na intanet bai riga ya isa hannun hukumar da yake nema a wurinta ba. Rubutun yana nan a na'urarsa kawai, kamar wasiƙar da aka rubuta ba a kai gidan waya ba. Sai an danna maɓallin adanawa ko na wucewa shafi na gaba sannan bayanan ke tafiya babbar kwamfutar hukumar su zauna a can. Yawancin asarar da ake yi wajen cike dogayen foma-fomai daga rashin sanin wannan take tasowa.

Fom ɗin DS-160, wanda mai neman bizar ziyara ko ta karatu zuwa Amurka ke cikewa kafin ganawa da jami'in ofishin jakadanci a Abuja, Legas ko Akara, misali ne mai kyau, domin ƙa'idojinsa a bayyane suke. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙiyasta cewa cike shi na ɗaukar kimanin minti 90. Amma idan shafin ya yi minti 20 ba a motsa shi ba, zai rufe da kansa, kuma duk abin da ba a adana ba ya tafi ke nan.

Ba don a wahalar da kowa aka yi wannan tsari ba. Da zarar mutum ya shiga, babbar kwamfutar tana buɗe masa wani zama na wucin gadi, ta ajiye 'yar alama a burauzarsa wadda da ita take gane cewa shi ne dai bai tashi ba. Idan aka bar zaman a buɗe ba iyaka, wanda ya tashi daga kujerar shagon intanet zai bar lambar fasfonsa da adireshinsa ga duk wanda ya gaje shi a kujerar. Shi ya sa ake sa agogo. Wurin da mutane ke ruɗewa shi ne, a shafuka da yawa agogon ba ya ganin yatsun mai rubutu, abin da aka aika kawai yake ƙirgawa. Mutum na iya shafe rabin awa yana ta rubutu a shafi guda, a wajen babbar kwamfutar kuwa shiru ne tsawon lokacin. Yawanci ba a gane zaman ya mutu sai an danna maɓallin gaba, a ga an koma shafin farko ko an fito da saƙon ƙarewar lokaci.

A ɗauki ɗalibar da ta fara fom ɗin da ƙarfe 10:00 na safe. Tun kafin tambayoyin farko, shafin ya ba ta lambar da ake kira Application ID, mai haruffa da alƙaluma 10, wadda ke farawa da AA, ya kuma sa ta zaɓi tambayar sirri da amsarta. Ta cike shafukan sunanta da bayanin tafiyarta tana danna Next, kowanne yana shiga ma'ajiya. Da ƙarfe 10:40 ta iso shafin makarantun da ta yi. Ta rubuta biyu, sai ranar da ta kammala sakandare ta shige mata, ta tashi neman takardar a akwati. Ta dawo 11:05, ta ƙarasa, ta danna Next, shafin ya ce lokaci ya ƙare.

Asararta a nan shafi ɗaya ne kacal, muddin ta rubuta lambar nan a takarda. Za ta koma shafin farko ta danna Retrieve an Application, ta sa lambar, da haruffa biyar na farkon sunan danginta, da shekarar haihuwarta, da amsar tambayar sirrin, sai fom ɗin ya dawo daga inda aka adana shi na ƙarshe. Idan kuwa ta wuce lambar ba ta kula ba, dawo da aikin minti 40 ɗin nan sai an sha fama, kuma mutane da dama a nan suke haƙura su faro daga tushe. Da ta danna Save kafin ta miƙe, ko makarantun biyun ma ba za su ɓata ba.

Daftarin da aka adana shi ma yana da wa'adi. A DS-160, fom ɗin da ba a kammala ba kwana 30 yake yi a ma'ajiya, sai dai mai shi ya sauke kwafinsa a kwamfutarsa. Akwai kuma foma-foman da ba su da wurin adanawa sam, sai a zama ɗaya. Don haka dabarar da ta fi kowacce amfani ita ce a gama neman amsoshi kafin a buɗe fom: fasfo a gefe, ranakun makaranta da na aiki a rubuce, hoto a shirye a girman da aka nema. Amsoshi masu tsawo a rubuta su a wani fayil daban, a kwafo a liƙa. Inda wuta da sabis ba su da tabbas, wannan fayil shi ne daftari na gaskiya. A kuma guji maɓallin komawa baya na burauza da buɗe fom guda a tagogi biyu, don dukansu na iya rikita zaman.

Cike shafin ƙarshe bai zama miƙa fom ba. A DS-160 sai an danna Sign and Submit Application, sannan shafin tabbatarwa ya fito ɗauke da sunan mai nema da lambar fom da zanen layukan da na'ura ke karantawa. Wannan takarda ce ake zuwa da ita ranar ganawa, ba dukan fom ɗin ba. Wanda bai ga irin wannan shafi ba, a kowane fom ne, ya ɗauka bai miƙa ba tukuna, ya koma ya duba. Bayan miƙawa ba a iya gyara. Wanda ya ga kuskure ya cike sabon fom zai sami sabuwar lamba, kuma dole ya tabbatar lambar da ke kan takardar da ke hannunsa ita ce wadda ke kan rajistar ranar ganawarsa, in ba haka ba ana iya mayar da shi daga bakin ƙofa.

Shaidar biyan kuɗi kuwa takarda ce daban. A Najeriya, biyan da aka yi ta Remita yana da lambar RRR mai alƙaluma 12. Idan banki ya cire kuɗi amma shafin hukuma bai nuna an biya ba, da wannan lamba ake bin sawun kuɗin. Sake biya cikin gaggawa kan jawo cirewa sau biyu, kuma maido da kuɗin na ɗaukar lokaci.

Kwafi ɗaya ba ya isa. Ya kamata a adana shafin a matsayin PDF, a aika shi zuwa imel ɗin mai nema, a kuma buga a takarda. Hoton fuskar waya yana taimakawa, amma sau da yawa yakan yanke ƙasan shafi ko ya dusashe zanen layukan har na'ura ta kasa karantawa. Wanda aka cike wa fom a shagon intanet shi ya fi buƙatar lura: imel da lambar waya su zama nasa, ba na mai shago ba, amsar tambayar sirri ta fito daga bakinsa, kuma kada ya bar shagon sai ya karanta sunansa da ranar haihuwarsa a kan takardar ya gwada su da fasfonsa harafi da harafi. Daga nan a fita daga shafin, a goge fayil ɗin daga kwamfutar shagon, domin lambar da ke buɗe masa fom ɗinsa tana iya buɗe wa wani.